Darasi: Matsin osmosis da dalilin ninka lissafin gishiri

A kan ledar ƙarin ruwa da ake rataya wa mara lafiya a asibiti akwai rubutu. Wata ledar an rubuta 0.9%, wato giram 9 na gishiri a cikin kowace lita ta ruwa. Wata kuma an rubuta 5%, wato giram 50 na sukarin gulukos a lita ɗaya. Dukansu biyu ana sa su a jijiya, kuma ƙarfinsu na jan ruwa ya yi kusa da na jinin mutum. To, yaya aka yi giram 9 ya yi kafaɗa da giram 50? A wannan darasi za mu yi lissafin da hannunmu har mu ga amsar.

Gwaji a gida

Ku samo dankalin turawa ɗanye, ku raba shi biyu, ku ƙwaƙule ɗan rami a tsakiyar kowane ɓari. Ku goge ramin ya bushe. A ɗaya ku zuba gishiri rabin ƙaramin cokali, ɗayan kuma ku bar shi haka nan. Bayan kamar awa guda ku dawo ku duba. Ramin da aka zuba wa gishiri zai tara ruwa, gefensa ya yi laushi, har yana lanƙwasuwa idan an matsa. Ɗayan yana nan yadda aka bar shi.

Ba wanda ya zuba wannan ruwan, daga jikin dankalin ya fito. Dankali cike yake da ƙananan ƙwayoyin halitta, kowace tana lulluɓe da wani siririn tantani. Tantanin yana barin ruwa ya wuce, amma yana tare yawancin abin da ya narke a cikin ruwan. Idan gefe ɗaya ya fi ɗaya yawan narkakken abu, sai ruwa ya riƙa ratsa tantanin yana komawa can. Wannan tafiya ta ruwa ita ake kira osmosis. Ƙarfin da za a danna da shi kafin a tsayar da ruwan ya daina ratsawa, shi ne matsin osmosis.

Abin da ya kamata ku riƙe shi ne, ruwa ba ruwansa da nauyin abin da aka narkar ko sunansa. Yawan ƙwayoyin da ke yawo a cikinsa yake bi. Ƙwayar sukari babba da ƙaramar ƙwayar gishiri, kowace ɗaya ake ƙirga ta.

Ƙa'idar lissafi

Wani masanin tsirrai Bajamushe, Wilhelm Pfeffer, ya auna wannan matsi da ruwan sukari a shekarar 1877. Daga baya Jacobus van 't Hoff, ɗan ƙasar Holan, ya ɗauki alkaluman ya fitar da ƙa'ida daga cikinsu. Shi ne ya fara karɓar kyautar Nobel a fannin kimiyyar sinadarai, a 1901. Ga ƙa'idar:

π = M × R × T

Alamar π ita ce matsin, kuma za mu auna shi da atmosfiya. Atmosfiya ɗaya daidai take da nauyin iskar da ke kanmu, ko kuma matsin ruwa mai zurfin kamar mita 10. R lamba ce da ba ta canzawa, 0.0821. T zafi ne a ma'aunin Kelbin, wanda ake samu idan an ƙara 273 a kan digirin da muka saba. Zafin jikin mutum digiri 37 ne, ya zama 310 ke nan. Tun da duk lissafinmu a zafin jiki za mu yi shi, mu ninka R da T tun yanzu mu ajiye: 0.0821 × 310 = 25.45.

Saura M, wato yawan mol a lita ɗaya. Mol ma'auni ne na ƙirga ƙwayoyi: mol ɗaya na kowane abu yana da adadin ƙwayoyi iri ɗaya, nauyin ne kawai ya bambanta. Mol ɗaya na gulukos giram 180 ne. Mol ɗaya na gishirin miya giram 58.5 ne.

Mu fara da ledar gulukos. Giram 50 a raba da 180, ya ba mu mol 0.278 a lita. Sai a ninka da 25.45, a samu atmosfiya 7.1. Na jinin mutum yana tsakanin 7 da 8, don haka lissafi ya yi daidai.

Yanzu ledar gishiri. Giram 9 a raba da 58.5, ya ba mu mol 0.154. A ninka da 25.45, a samu atmosfiya 3.9. A nan ne gizo ke saƙa. Idan wannan amsa gaskiya ce, ruwan gishirin asibiti rabin ƙarfin jini kawai yake da shi, kuma da jajayen ƙwayoyin jini sun sha ruwa sun kumbura duk lokacin da aka yi wa mutum ƙarin ruwa. Hakan ba ya faruwa. Idan aka auna matsin da na'ura, ana samun fiye da atmosfiya 7, kusan ninki biyu na abin da muka lissafa.

Inda rabin ya ɓuya

Van 't Hoff shi ma ya ci karo da wannan. Ƙa'idarsa tana aiki a kan sukari, amma da an zo kan gishiri sai awo ya zarce lissafi. Sai ya ƙara wata lamba a ƙa'idar don ta cike gurbin, ya ba ta alamar i:

π = i × M × R × T

Bayanin dalilin ya fito ne daga Svante Arrhenius, ɗan ƙasar Suwidin, a 1887. Gishirin miya, NaCl, abu biyu ne a haɗe, sodiyam da kulorayid. Da ya shiga ruwa sai su rabu, kowa ya kama gabansa, ɗaya ɗauke da cajin lantarki na ƙari, ɗaya na ragi. Waɗannan ɓangarori masu caji su ake kira ayon. Kamar mai walima ne da ya raba katin gayyata ɗari, kowane kati na miji da mata: kati ɗari ne, amma baki ɗari biyu za su ci abinci. Mol da muka lissafa katin ya ƙirga, ruwa kuwa bakin yake ƙirgawa. Gulukos ba ya rabuwa in ya narke, shi ya sa nasa i ɗaya ne, lissafinsa ya fita daidai tun farko. Na gishirin miya biyu ne.

Mu sake: 2 × 0.154 × 25.45 = 7.8. Yanzu ledojin biyu sun zo kusa da juna. Amsar tambayarmu ta farko ta fito ke nan, kuma kashi biyu ce. Ƙwayar gishiri ta fi ta gulukos sauƙin nauyi sau uku, don haka giram ɗaya na gishiri ya fi giram ɗaya na gulukos yawan ƙwayoyi sau uku, sannan kowace ƙwaya ta sake rabuwa biyu. Uku sau biyu shida, kuma giram 9 sau shida 54 ne, dab da 50.

Don gano i na wani gishirin daban, ku dubi yadda aka rubuta shi ku ƙirga ayon. KCl yana ba da biyu, potasiyam ɗaya da kulorayid ɗaya. CaCl2 yana ba da uku, kalsiyam ɗaya da kulorayid biyu. Amma a kula da Na2SO4: uku ne, ba bakwai ba, domin SO4 dunƙule ɗaya yake tafiya a ruwa, ba ya wargajewa. Ɗalibai da yawa a nan suke zamewa, su hau ƙirga haruffa.

Ku duba abin da mantuwa da i za ta jawo. A ce wani yana son haɗa ruwan gishiri mai ƙarfin jini, ya san ana bukatar ƙwayoyi kimanin mol 0.29 a lita, sai ya ninka da 58.5 kai tsaye ya auno giram 17. Ainihin matsin wannan ruwa zai doshi atmosfiya 14, ninki biyu na jini. Jajayen ƙwayoyin jini in suka shiga cikinsa ruwansu zai fita, su motse, su yi ƙaya-ƙaya in an duba su a madubin likita. Abin da ya sami dankalinmu ke nan. Wannan lissafi don fahimta muke yin sa. Ruwan da ake sa wa a jijiya a masana'anta ake haɗa shi, a kashe masa ƙwayoyin cuta, ba a haɗa shi a gida ko kusa.

Biyun ma ba ta cika biyu ba

In aka auna ruwan gishirin 0.9% da kyau, i ba ya kaiwa 2, yana tsayawa wajen 1.86, matsin kuma ya zama kimanin 7.3 maimakon 7.8. Dalili shi ne ayon masu caji kishiyar juna suna janyo juna ko bayan sun rabu, ba sa sakewa gaba ɗaya. Gwargwadon kaurin ruwan, gwargwadon kusancinsu, kuma jan yana ƙaruwa. Idan cajin babba ne abin ya fi tsanani. MgSO4 a takarda biyu ne, amma kowane ayon nasa caji biyu yake ɗauke da shi, don haka a mol 0.1 cikin lita ana samun i wajen 1.2 kawai. Ke nan lambar da ake ƙirgowa daga rubutun gishiri iyaka ce ta sama, ana kusantarta ne in ruwan ya tsinke sosai. Ga gishirin miya a tsinkakken ruwa, amfani da 2 ya wadatar a lissafin yau da kullum. Ga ruwa mai kauri, irin wanda ake jiƙa fata ko kifi a ciki, kada a dogara da ƙa'idar nan, sai an auna.

Aikin aji

Fakitin gishiri da sukari da ake ba mai gudawa, bisa tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya, ana narkar da shi a lita ɗaya ta ruwa. A ciki akwai gulukos giram 13.5 (mol 0.075), gishirin miya giram 2.6 (mol 0.044), KCl giram 1.5 (mol 0.020), da wani gishirin sitiret giram 2.9 (mol 0.010) wanda yake rabuwa huɗu.

1. Ku tara mol ɗin duka ba tare da i ba.
2. Ku ninka kowane da nasa i, ku sake tarawa.
3. Wata uwa ta narkar da fakitin a rabin lita maimakon lita ɗaya. Nawa jimillar ta koma? Ta fi ta jini, 0.29, ko ba ta kai ba? Ina ruwa zai nufa a hanjin yaron?

Amsa: ta farko 0.149. Ta biyu 0.075 + 0.088 + 0.040 + 0.040 = 0.243, wato ƙasa kaɗan da na jini, kuma da gangan aka tsara shi haka. Ta uku 0.486, ta zarce na jini nesa ba kusa ba, don haka ruwan zai iya janyo ruwan jikin yaron zuwa cikin hanji, gudawar ta ƙaru. Malami ya zo da kwalba mai cin lita ɗaya cif, kowane ɗalibi ya auna ya ga kofi nawa na gidansa ke cika ta.