Ka aika wasiƙar neman kuɗinka sai ka ga lissafi ya kauce: kurakuran da aka fi yi wajen gyara

Wannan abu ya same ni a shagon simintin kawuna inda nake riƙe da littafin lissafi, shi ya sa nake son mu yi maganarsa sosai, don na ga mutane da yawa suna da gaskiya dumu-dumu amma wasiƙar gyara guda ɗaya ta sa wanda suke bi bashi ya samu bakin magana.

Ga yadda aka yi. Wani kamfanin gine-gine ya ɗauki siminti buhu 600 a wajenmu a kan naira 9,000 kowane buhu, kuɗi ya kama 5,400,000. Suka biya miliyan 2 ranar da aka sauke kaya, daga nan sai yau sai gobe, ka kira a ce oga ya yi tafiya. Da abin ya ishi Kawu sai ya ce in rubuta musu, na rubuta ranar 3 ga Maris na ce muna bin su 3,400,000 su biya cikin kwana 14. Bayan kwana biyu ina bin sitetimen ɗin banki layi-layi sai ga tiransfa ta 850,000 da suka turo tun watan Janairu, da sunan manajansu ta shigo ba da sunan kamfani ba shi ya sa ban sa ta a shafinsu ba. Wato ainihin abin da muke bi 2,550,000 ne. Wallahi sai da cikina ya ɗuri ruwa, don na san akantansu na da rasit ɗin nan a hannu.

Abu na farko da ya zo min, kuma shi ne kuskuren da ya fi yawa, in yi shiru. Wai ai in sun zo biya sai a daidaita. Kar ka yi. In kai ka fara faɗa, kuskuren lissafi ne kowa na yi. In su suka gano suka rubuto maka, ya zama kai ne ka nemi cin kuɗin da aka riga aka ba ka, kuma daga ranar duk wata lamba da ka kawo sai an ce a je a sake dubawa, wata biyu ya tafi a banza. Sannan in magana ta kai kotu, hanyar gaggawa da ake bi wajen karɓo bashi tana tafiya ne idan kuɗin ƙayyadadde ne babu jayayya a kansa, da zarar lauyansu ya nuna wa alƙali cewa lambarka ma ba daidai take ba toh ya samu hujjar cewa a buɗe shari'a a kira shaidu, abin da za a gama da wuri ya koma dogon zama.

Na biyu kishiyar wancan ne, yawan ba da haƙuri. Na rubuta daftarin farko na kai wa Kawu, a ciki na ce muna matuƙar neman afuwa, littafinmu ya ɗan rikice a 'yan watannin nan, muna roƙon a yi watsi da wasiƙarmu ta baya. Ya karanta ya ɗago ya dube ni ya ce, "Ɗana, yanzu mu muke bin su ko su suke bin mu?" Na ce mu ne Kawu. Ya ce toh a takardar nan ban ga haka ba.

Kuma gaskiyarsa. Dubi abin da na yi a layi uku. Na shaida da hannuna cewa littafinmu ba abin dogaro ba ne, alhali littafin nan shi ne hujjarmu kan buhu 600 ɗin gaba ɗaya, kuma abin da ka rubuta ka sa hannu ana iya ɗauko shi gobe a karanta maka. Sai kuma kalmar "a yi watsi da wasiƙar baya", wannan ita ce ta fi haɗari don wasiƙar baya ba lamba kaɗai ke cikinta ba, a cikinta aka ce an kai kaya, an karɓa, lokacin biya ya wuce, mun nemi kuɗinmu ranar kaza. In ka ce a jefar da ita duka ka jefar har da waɗannan. Abin da ya lalace lamba ɗaya ce a sakin layi na biyu, ita kaɗai za ka cire ka sa wata, sauran ka faɗa ƙarara cewa suna nan daram. Haƙuri kuma jimla ɗaya ta isa, ba girman kai ba ne, ladabi daban sallama haƙƙi daban.

Ga abin da muka aika daga ƙarshe ranar 6 ga Maris, da Turanci aka buga amma ma'anar ke nan:

"Muna magana kan wasiƙarmu ta 3 ga Maris game da kuɗin siminti buhu 600. A sakin layi na biyu mun rubuta cewa ragowar bashi naira 3,400,000 ne. Wannan adadi bai cire naira 850,000 da kuka biya ranar 20 ga Janairu ba, wadda ta shigo da sunan manajanku. Lissafi daidai shi ne: jimillar kaya 5,400,000, an biya 2,000,000, an sake biyan 850,000, saura 2,550,000, wato naira miliyan biyu da dubu ɗari biyar da hamsin. Wannan adadi shi ya maye gurbin na baya. Muna ba da haƙuri kan kuskuren. Ban da wannan gyara, duk abin da ke cikin wasiƙar 3 ga Maris yana nan yadda yake, kuma muna neman a biya 2,550,000 zuwa ranar 20 ga Maris."

Muka liƙa kwafin takardun sauke kaya masu sa hannun sitokifansu da shafin sitetimen inda kuɗin biyu suka shigo. Shi ke nan, ko shafi ɗaya bai cika ba.

Ka lura an faɗi dalilin kuskuren, amma ƙunƙuntacce. Mutane na tsallake wannan su rubuta kawai "adadin da ya dace shi ne kaza" ba bayani, toh mai karatu zai ce jiya ka ce kaza yau ka ce kaza, gobe fa? Idan ka nuna inda 850,000 ɗin ta shige kuma ka jera lissafin yadda kowa zai iya danna kalkuleta ya samu abu ɗaya, ka rufe ƙofar ke nan, ya ga cewa ramin guda ɗaya ne kuma an cike shi. Kuma dalilin ya zama na gaskiya, kar ka ɗora wa yaron shago ko kwamfuta abin da ba su yi ba.

Wani kuskuren da ke ba ni takaici shi ne sauya murya. Wasiƙar farko ta ce "ku biya", ta gyara sai ta koma "muna ganin kamar", "wajen miliyan biyu da rabi", "in kun duba naku lissafin ku sanar da mu abin da kuka samu". Kunya ce ke jawo wannan, na sani don na ji ta. Amma ka miƙa musu alƙalami ke nan su rubuta nasu adadin. Kalmomi irin su kusan, wajen, ƙila, kada ko ɗaya ta shiga. In ba ka tabbatar da sabuwar lambar ba tukuna toh kar ka aika, zauna ka bi rasit ɗaya bayan ɗaya, ka ba wani ya sake lissafawa ba tare da ya ga amsarka ba, don gyara na farko ana ɗauka, gyaran gyara kuwa ba mai sauraron ka. Ka rubuta kuɗin da lamba da kuma kalmomi ka tabbata sun yi daidai da juna, sifili ɗaya ke raba dubu 255 da miliyan 2.55.

Maganar wa'adi ma ana mantawa. Na farko ya ce kwana 14, na gyara ya yi shiru, sai su ce ai mun zaci an fasa. Ka rubuta rana takamaimai. Mu mun ƙirga sabon kwana 14 daga ranar gyaran, ƙarin kwana uku bai rage mu da komai ba kuma ya hana su cewa ba a ba su cikakken lokaci kan adadin gaskiya ba. Wannan na da amfani musamman in kotun ƙananan ƙararraki za ka je irin wadda ake da ita a Kano da Legas, inda takardar neman biya ita ce matakin farko, so kake adadin da ke kan takardar ya zama shi ne wanda za ka shigar.

Sai abin da wasu ke kwaikwaya daga takardun lauyoyi ba su san aikinsa ba, su buga "Without Prejudice" a saman wasiƙar gyara wai don kare kai. Wannan rubutu na tattaunawar sulhu ne, kuma sashe na 196 na Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011 ya hana a gabatar da abin da ke cikin irin wannan takarda a matsayin shaida idan an yi ta ne wajen neman sasantawa a wajen kotu. Kai kuwa so kake alƙali ya ga cewa da kanka ka gyara tun da wuri, toh me ya sa za ka jawo gardama kan ko za a karanta ta? Bar ta a buɗe. In kana da tayin rangwame, ka ce ku ba da miliyan 2.3 yau a rufe magana, wannan wasiƙa daban ce, kar ka cusa shi cikin gyara don sai ya zama kamar kuskuren ne ya sa ka sauko.

In kuma kuskuren ta ɗaya ɓangaren ne, ka rubuta ƙasa da abin da kake bi, nan sauri ya fi muhimmanci. Gyara kafin su biya. In suka turo ƙaramin adadin suka rubuta cewa biyan ƙarshe ne kai kuma ka sa hannu a rasit a haka, karɓo ragowar zai yi wuya sosai. In kuɗin ya riga ya shigo, rubuta musu nan take cewa ka karɓa a matsayin wani ɓangare, saura kaza.

Hanyar aikawa kuma, duk inda ta farko ta bi ta biyu ma ta bi nan. Kar ka aika wasiƙa mai hatimi sannan ka yi gyara a waya ko ka tura murya a WhatsApp, fayil ɗinsu zai ci gaba da ɗauke da tsohuwar lamba. Kar kuma ka sake buga tsohuwar wasiƙar da tsohon kwanan wata ka canza lamba a ɓoye, takardu biyu masu rana ɗaya da adadi daban kama da maguɗi suke yi. Duk wanda ka ba kwafin ta farko ka ba shi na gyaran. Ni da kaina na kai tamu, sakatariyarsu ta buga hatimi a kwafinmu ta sa hannu da kwanan wata, na dawo na haɗa ta da ta 3 ga Maris da fil ɗaya a fayil. Da akantansu ya kira Kawu bayan kwana huɗu yana shirin tayar da maganar 850,000, Kawu ya ce masa, "Malam duba tebur ɗinka, akwai takardarmu ta ranar 6." Ya yi shiru yana juya takardu, can ya ce ya gani, sai ya koma tambayar ko za a yarda su biya kashi biyu.