Yadda Ake Gano Dalilin Gyambon Baki Mai Yawan Dawowa da Lokacin Zuwa Asibiti

Gyambon da ke fitowa a cikin baki ya warke, bayan 'yan makonni ya sake fitowa, yawanci ba mai haɗari ba ne. Matsalar ita ce wanda ba shi da haɗari da wanda ke da shi suna iya kama da juna a kwanakin farko. Abubuwa uku ne ke raba su: inda gyambon yake, yadda yake idan an duba an taɓa, da tsawon lokacin da ya ɗauka bai warke ba. Don haka kafin a je kemis, a fara da dubawa.

A wanke hannu, a tsaya gaban madubi da tocila, a ɗaga leɓen sama, a ja na ƙasa, a duba cikin kumatu, sannan a fito da harshe a duba gefensa biyu da ƙarƙashinsa. Gyambon da aka fi sani ɗan ƙarami ne, zagayayye, bai kai santimita ɗaya ba, tsakiyarsa fari-fari ko rawaya-rawaya, gefensa ja. Yana son wurare masu laushi, wato cikin leɓe, cikin kumatu da ƙarƙashin harshe. Yana da zafi sosai, musamman idan yaji ko tsami ya taɓa shi, kuma yakan warke da kansa cikin kwana 7 zuwa 14 ba tare da ya bar tabo ba. Ba a ɗaukarsa daga wani, ba a kuma sa wa wani. Ya bambanta da ƙurajen da ke fesowa a wajen leɓe bayan zazzaɓi, masu ɗauke da ruwa, waɗanda ƙwayar cuta ce ke kawo su kuma suna yaɗuwa. Akwai kuma babban nau'insa da ke wuce santimita ɗaya, mai zurfi, wanda kan yi makonni kuma ya bar tabo. Wannan sai likita ya gani.

A ranar da aka fara ganin gyambon a rubuta kwanan wata, a ɗauki hotonsa da waya. Mutane da yawa suna zuwa asibiti su ce gyambon ya yi wata shida, alhali wasu ne ke warkewa wasu na fitowa. Gyambo ɗaya da ya ƙi warkewa daban yake da gyambuna masu zuwa suna tafiya, kuma rubutun nan ne zai nuna wanne ake fama da shi.

Mataki na biyu shi ne a nemi abin da ke ji wa wurin ciwo. Alamar ita ce gyambon yana dawowa a wuri ɗaya tak. A sa yatsa mai tsabta a shafa haƙoran da ke daidai da wurin. Sau da yawa za a ji haƙorin da ya karye ya bar tsini, ko wanda rami ya ci gefensa ya yi kaifi, ko ƙarfen haƙoran roba da ke gogar dasashi. Buroshi mai tauri, asuwakin da ba a tauna bakinsa ya yi laushi ba, cizon kunci lokacin cin abinci, da kunu ko shayi mai tsananin zafi duk suna haddasa shi. Irin wannan gyambon ba kasafai yake zagayayye ba, yakan bi siffar abin da ya yanke shi. Babu bitamin ko man shafawa da zai raba mutum da shi matuƙar haƙorin na nan yana goga. Likitan haƙori zai goge tsinin, ko ya cike ramin, ko ya cire haƙorin. Bayan an yi haka ana sa ran wurin ya warke cikin mako biyu. Idan bai warke ba, a koma, domin ke nan ba haƙorin ne kaɗai dalili ba.

Wani raunin da hannunmu muke jawo shi. Ɗora ƙwayar asfirin a kan dasashi saboda ciwon haƙori yana ƙona naman wurin, ya yi fari ya sale. Haka ma goga alif ko kanwa ko gishiri tsagwaronsa a kan gyambo. Raɗaɗin da ake ji ƙuna ce ake ƙara wa wurin, kuma tana jinkirta warkewa.

Idan gyambunan suna canja wuri, yau a leɓe, wani watan a ƙarƙashin harshe, kuma suna dawowa kusan duk wata, nan ne ake tunanin jini da abinci. Abubuwa uku aka fi samu sun yi ƙaranci: sinadarin ƙarfe, bitamin B12 da folik asid. Fatar cikin baki tana sabunta kanta da sauri, shi ya sa take cikin wuraren da ke fara nuna ƙarancinsu. Yawanci ba gyambon kaɗai ake gani ba. Harshe kan yi ja ya yi santsi, gefen baki ya tsage, cikin fatar ido ya yi fari, mutum ya riƙa saurin gajiya da haki. Ƙarancin B12 kuma yakan zo da jin kamar ana tsira allura a tafin ƙafa ko yatsu. Amma a sani, mafi yawan masu wannan gyambo idan an gwada jininsu lafiya lau yake. A wurinsu gado, rashin barci, damuwa ko zagayowar al'ada ne ke tayar da shi. Saboda haka gwaji ne ke raba gardama.

A nemi cikakken gwajin ƙwayoyin jini, da gwajin feritin wanda ke nuna yawan ƙarfen da jiki ya ajiye, sannan na B12 da na folik asid. Feritin na iya yin ƙasa tun jini bai nuna ya ragu ba, don haka gwajin yawan jini kaɗai bai isa ba. A gaya wa likita duk magungunan da ake sha. Metfomin na ciwon suga da omefirazol na gyambon ciki, idan an daɗe a kansu, suna rage yadda jiki ke tsotsar B12.

Akwai dalili mai ƙarfi da ya sa ba a son mutum ya sayo maganin ƙarin jini kai tsaye. Idan B12 ne ya yi ƙaranci sai aka sha folik asid kaɗai, jinin zai iya gyaruwa alhali jijiyoyi na ci gaba da lalacewa ba a sani ba. Mai sikila kuma, musamman wanda aka sha ƙara masa jini, bai kamata ya sha ƙwayar ƙarfe ba sai gwaji ya nuna yana buƙata, domin ƙarfen na iya yi wa jikinsa yawa.

A ɗauki misalin mace mai shekara 30 da ke shayarwa, wadda jinin al'adarta ke zuwa da yawa, kuma duk bayan abinci sai ta sha shayi. Gyambo biyu ko uku ke fito mata kusan duk wata, kowanne ya warke cikin kwana goma, kuma ba a wuri ɗaya ba. Haƙoranta ba su da tsini. Gwaji ya nuna feritin ɗinta ya yi ƙasa, B12 kuwa daidai yake. Za a ba ta ƙwayar ƙarfe, a gaya mata bayan gida zai yi baƙi kuma cikinta na iya ɗaurewa, kada hakan ya sa ta daina. Za ta ci gaba da sha kamar wata uku bayan jinin ya daidaita don jiki ya sake tara ajiya. Za ta raba shayi da abinci ko maganin da aƙalla awa ɗaya, saboda shayi na hana ƙarfe shiga jiki, lemun zaƙi ko gwaba kuwa suna taimaka masa. A abinci za ta ƙara nama, kifi, ƙwai, wake, zogale da alayyahu. B12 daga abincin dabba ake samunsa, irin su hanta, nono da ƙwai, folik asid kuma daga ganye da wake, shi ya sa ba a son a dafa ganye har ya narke. Sannan dole a binciki abin da ke zubar da jinin, wato yawan al'adar, ko tsutsar ciki idan akwai, in ba haka ba da an daina maganin matsalar za ta dawo.

Kafin a gama bincike, ana iya rage zafin a gida. A zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi ɗaya na ruwan ɗumi, a kurkure baki a zubar, sau uku ko huɗu a rana. Ruwan kurkure baki na kulohekzidin mai ƙarfin kashi 0.2 cikin ɗari yana hana gyambon ruɓewa: mililita 10, a riƙe a baki minti ɗaya, sau biyu a rana, a bar tazarar rabin awa tsakaninsa da man goge baki. Idan an daɗe ana amfani da shi yana sa haƙora su yi duhu, don haka na 'yan kwanaki ne. Farasitamol ya wadatar wajen zafi. A koma buroshi mai laushi, a ɗan dakata da yaji, tsamiya da abarba. Wasu kuma man goge baki mai yawan kumfa ne ke tayar musu da shi, sai su gwada wanda babu sinadarin kumfa da ake kira SLS a ciki na wata biyu su gani. Fasa kafso a barbaɗa a kan gyambon ba ya hana shi dawowa.

Duk gyambon da ya kai mako uku bai warke ba, a kai shi wurin likitan haƙori ko likita, ko da ba ya zafi. Rashin zafin ma ba abin kwantar da hankali ba ne, domin ciwon dajin baki yakan fara ba tare da zafi ba. Abin da ke ƙara damuwa shi ne gyambo mai tauri idan an taɓa, mai gefe a ɗage, mai saurin zubar da jini, musamman a gefen harshe ko ƙasan baki. Haka nan farin tabo ko ja da ba ya gogewa, kaluluwa a wuya da ta ƙi sauka, wahalar haɗiya, ko haƙori ya fara girgiɗi ba dalili. Mai shan sigari, mai cusa garin taba a baki da mai shan giya su suka fi shiga haɗari. Likita zai iya yanko ɗan naman wurin a kai gwaji, kuma kada a ƙi yarda, domin ta haka ne kaɗai ake tabbatarwa.

Likita ake nema, ba likitan haƙori kaɗai ba, idan gyambon bakin ya haɗu da irinsa a al'aura ko jan ido mai zafi, ko gudawa mai daɗewa da rama, ko ciwon gaɓoɓi da ƙurajen fata. A nan za a duba cututtukan hanji, na garkuwar jiki, da ƙanjamau. Wanda kuma ya fara sabon magani, irin su seftirin ko fansida, sai baki da leɓe suka sale, ido ya yi ja, fata ta feso, ga zazzaɓi, ya daina maganin ya tafi asibiti a ranar.

Yara ƙanana nasu ya fi gaggawa. Yaro ɗan shekara 2 zuwa 6 da ke fama da tamowa, ko bai daɗe da tashi daga ƙyanda ba, idan dasashinsa ya yi gyambo yana jini, bakinsa na wari sosai, kuncinsa ya fara kumbura, ana tsoron cutar noma, wadda ke iya cinye kunci cikin 'yan kwanaki. A Sakkwato akwai asibiti na musamman domin ta, kuma a Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. Idan an kama ta da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta, tsabtace baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. Irin wannan yaron ba a jira masa mako uku, a kai shi asibiti mafi kusa a ranar da aka ga kumburin, haka ma duk yaron da zafin baki ya hana shi shan ruwa ko nono.