Yadda ake gano gangarar layin tanjent ta hanyar matso da layukan sekant

Gangarar miƙaƙƙen layi ba ta da wuyar awo: ka ɗauki ɗigo biyu a kansa, ka raba canjin y da canjin x. Sai dai layin tanjent, wato layin da ke shafar lanƙwasa a wani ɗigo yana bin alkiblarta, ɗigo ɗaya kawai muka sani a kansa. Ɗigo ɗaya kuwa ba ya ba da gangara, domin layuka ba adadi ne ke iya ratsa shi. Saboda haka sai an aro ɗigo na biyu daga kan lanƙwasar. Layin da ya haɗa su shi ake kira sekant.

Mu gwada da y = x², a ɗigon (3, 9). Samu takarda da kalkuleta.

Mataki na farko: ja sekant. Matsa gaba da tazara h = 1, ka sauka a (4, 16). Gangara ita ce (16 − 9) ÷ 1 = 7. Wannan matsakaicin hawa ne tsakanin 3 da 4. Tunda lanƙwasar tana ƙara tsayuwa yayin da ake yin gaba, 7 ta zarce abin da muke nema.

Mataki na biyu: rage tazarar. Da h = 0.1, 3.1² = 9.61, gangara 0.61 ÷ 0.1 = 6.1. Da h = 0.01, 3.01² = 9.0601, gangara 6.01.

Mataki na uku: zo ta hagu. Ɗalibai da yawa kan tsallake wannan, bai kamata ba. Da h = −0.1, 2.9² = 8.41, gangara (8.41 − 9) ÷ (−0.1) = 5.9. Da h = −0.01 za ka samu 5.99. Na dama suna saukowa, na hagu suna hawowa, duk sun nufi 6.

Mataki na huɗu: tabbatar da aljabra.

((3 + h)² − 9) ÷ h = (6h + h²) ÷ h = 6 + h

An soke h sama da ƙasa ne don ba sifili ba ce. In da ka sa h = 0 tun farko, ɗigo biyun sun zama ɗaya, lissafi ya koma 0 ÷ 0, wanda ba shi da amsa. Shi ya sa ma'anar ta dogara ga iyaka: ba a tambayar abin da ke faruwa a kan sifili, ana tambayar lambar da 6 + h ke kusanta yayin da h ke ƙanƙancewa. Babu sekant ko ɗaya daga (3, 9) mai gangara 6 daidai, amma duk kusancin da aka bukata ana iya samunsa. Kana son kuskure ƙasa da 0.001? Ɗauki h da girmanta bai kai 0.001 ba. Layin tanjent ɗin shi ne y = 6x − 9.

Wani zai ce, me ya hana a ce kawai layi ne da ya taɓa lanƙwasa sau ɗaya? A da'ira wannan ya wadatar, a sauran lanƙwasa ba lallai ya tsaya ba. Layin tsaye x = 3 sau ɗaya ya haɗu da y = x², amma sara ta ya yi. A y = x³ kuma, tanjent na (1, 1), wato y = 3x − 2, ya sake haɗuwa da lanƙwasar a (−2, −8). Abin da ya bambanta tanjent shi ne mannewa. A x = 3.1 layinmu ya ba da 9.6, lanƙwasa 9.61, giɓi 0.01. Layi mai gangara 7 ta ɗigon nan ya ba da 9.7, giɓi 0.09, ninki tara.

Inda ake yawan tuntuɓe: rubuta (3 + h)² a matsayin 9 + h², a manta da 6h. Za ka gane ka yi haka in aljabra ta ba ka 0 alhali kalkuleta na nuna 6. Sai kuma datse lamba da wuri. Da h = 0.001, 3.001² = 9.006001, in ka datse ta zuwa 9.01, gangara za ta fito 10, domin rabawa da ƙaramar lamba tana kumbura ƙaramin kuskure. Bar duk lambobin har ƙarshe.

Akwai kuma inda iyakar ba ta samuwa sam. A y = |x|, mai siffar V, kowane sekant daga (0, 0) zuwa dama gangararsa 1 ce, zuwa hagu kuma −1, komai ƙanƙantar h. Ɓangarorin ba su taru kan lamba ɗaya ba, don haka babu tanjent a wannan tsini.