Darasi: Jam'in Kalmomin Turanci Masu Ƙarewa da y ko o, da Harɗaɗɗun Sunaye

A darasin da ya gabata an ga cewa yawancin sunayen Turanci suna zama jam'i da ƙarin s a ƙarshe. Akwai kalmomi iri uku da wannan ƙa'ida ba ta wadatar da su, kuma za ku ci karo da su a rasidi da lissafin kaya da wasiƙa.

Masu ƙarewa da y

Kada ku tsaya kallon y ɗin. Ku ɗora yatsa a kan harafin da ya zo kafin shi, shi ne mai yanke hukunci. Idan wasali ne, wato a, e, o ko u, sai a ƙara s kawai. Makulli shi ne *key*, makullai *keys*. Haka *day* ke zama *days*, *boy* ya zama *boys*.

Idan kuma baƙi ne, sai a cire y, a rubuta ies a gurbinsa. Ku ɗauki *battery*, batir. Kafin y akwai r, kuma r baƙi ne. A cire y, saura *batter*, a ƙara ies, an sami *batteries*. Haka *lorry* da *lorries*, *baby* da *babies*, *company* da *companies*.

Kunne ne ke jawo kuskure a nan. Ƙarshen *donkey*, jaki, da ƙarshen *lorry* iri ɗaya suke a furuci, shi ya sa ake ganin *donkies* a rubuce. Amma *donkey* na da e kafin y, don haka daidai shi ne *donkeys*. Wani kuskuren shi ne sa ɗan waƙafin nan na sama. *Baby's* ba jarirai ba ne, yana nufin abin da jariri ya mallaka, kamar *baby's food*, abincin jariri. Sunan mutum kuwa ba a taɓa masa y: mata biyu masu suna Mary su ne *two Marys*.

Masu ƙarewa da o

Nan ƙa'ida ba ta da ƙarfi sosai, sai an haɗa da hadda. Abu ɗaya ne tabbas: idan wasali ya zo kafin o, s kawai ake ƙarawa, kamar *radios* da *videos*. Idan baƙi ne, wasu kalmomi na ɗaukar es, kuma waɗanda suka fi shafar ɗan kasuwa su ne *tomatoes*, tumatir, da *potatoes*, dankali. *Heroes*, jarumai, na cikinsu. Kalmomin da aka gutsure daga doguwar kalma suna ɗaukar s kawai. *Kilo* daga *kilogram* yake, *photo* daga *photograph*, don haka *kilos* da *photos*. Mangwaro da sauro an yarda da hanya biyu: *mangoes* ko *mangos*, *mosquitoes* ko *mosquitos*. Ku zaɓi ɗaya ku tsaya a kai cikin takarda guda. Ku lura kuma, tilon ba shi da e. Rubuta *tomatoe* kuskure ne.

Harɗaɗɗun sunaye

*Mother-in-law* ita ce suruka, uwar mata ko uwar miji. Mai mata biyu yana da surukai mata biyu, to ina zai sa s? Sai ya tambayi kansa: a cikin kalmomi ukun nan, wace ce ta ƙaru? Uwa ce ta zama biyu, *law* yana nan yadda yake. Saboda haka *mothers-in-law*. Hausa ma haka take yi, ɗan sanda ya zama 'yan sanda, sandar ba ta canza ba. Da wannan tambaya za ku sami *brothers-in-law*, da *passers-by*, masu wucewa, da *editors-in-chief*, manyan editoci.

Sau da yawa babbar kalmar a ƙarshe take, sai s ya tafi can: *bus stops*, *toothbrushes*. Haka ma idan babu suna a cikin haɗin, kamar *grown-ups*, manya. Ma'aunin da ke ƙarewa da *ful* shi ma a ƙarshe yake karɓa: cokali uku na magani *three spoonfuls* ne.

Mallaka dabam take da jam'i, domin ita kullum a ƙarshen haɗin take zama. *My mothers-in-law* surukaina mata ke nan, amma *my mother-in-law's house* gidan surukata ne, mace ɗaya.

Aikin gwaji

Wani mai shago ya rubuta wannan lissafi: *10 batterys, 3 kiloes of potatos, 2 radioes, 5 keys*. Kalmomi huɗu ba daidai ba ne, ɗaya daidai ce. Ku gyara su a littafinku, ku rubuta dalilin kowane gyara a gefe. Sannan ku rubuta jam'in *sister-in-law* da *city* da *monkey*.