Yadda mai juna biyu za ta tantance ragowar abinci da cuku kafin ta kai baki

Ƙanwata tana da ciki wata biyar, na je gidanta a Pantami washegarin wani biki sai na tarar da firjinta cike da kuloli, jalof ne, kaza ce, salak mai bama, ga cuku a roba an tsoma shi a ruwa. Tace min ai duk ta shinshina babu abinda ya yi tsami. To anan matsalar take, akwai ƙwayar cuta da ake kira listeriya, bata canza warin abinci ko ɗanɗanonsa, kuma tana iya hayayyafa ko a cikin sanyin firji. Mai ciki ta fi sauran mutane kamuwa da ita da kusan ninki 10, uwar tana iya jin ɗan zazzaɓi kawai amma ta ratsa mahaifa ta jawo ɓari ko haihuwar bakwaini ko ɗa ya zo ba rai. Ga yadda muka bi kulolin nan.

Da farko ki ƙirga awannin da abincin ya yi a waje kafin ya shiga sanyi. Ƙa'idar awa 2 ce, in kuma zafi ya haura digiri 32 awa 1 ce tal, mu kuwa nan Gombe daga Maris zuwa Afrilu kin san yadda garin yake. Jalof ɗin nan an sauke shi da azahar, bai ga firji ba sai bayan isha, na ce ta haƙura da shi. Shinkafa nata daban ne, in ta daɗe da ɗumi a kula akwai wata ƙwayar da take sakin guba a ciki, gubar kuma ɗumame baya kashe ta komai yadda kika juya a wuta.

Sai ki tambayi kanki ko an ɗauke wuta. Firjin da ba'a buɗewa yana riƙe sanyi kamar awa 4 ne, in ya kwana ba wuta to kabad ne kawai, nama da kifi da duk abinda yake da madara sun tashi daga lissafi. Ko da wuta tsaye ma, mai ciki kar ragowa ta wuce kwana 1 zuwa 2 a wajenta, in kin san zai wuce haka ki daskarar tun ranar farko.

Na uku ki raba su gida biyu, wanda zai koma wuta da wanda ake ci da sanyi. Na biyun sune masu haɗarin sosai: salak, kwaɗon da ya kwana, kankana ko gwanda da aka yanka aka ajiye, balangu ko kaza da ake yaga daga firji kai tsaye, alalen jiya. Salak da yankakkiyar kankana ba gyara, ranar da aka yi ranar ake cinyewa. Miya da nama da alale da tuwo kuwa, in dai sun tsallake matakan can na sama, a mayar wuta, miya ta tafasa sosai, nama ki yanka ki ga tururi na fita daga tsakiyarsa, wato kamar digiri 75. Ɗan ɗumi-ɗumin nan da muke yi don sauri baya kashe komai. Kuma sau ɗaya ake ɗumamawa, ki ɗibi iya wanda zaki ci.

Sai cuku. Duk cukun da yake da laushi da danshi ga ƙarancin gishiri, gidan listeriya ne. Farin cukun madarar shanu da ake sayarwa a ruwa, ko an dafa shi wajen yi, hannu da ruwan da ya zauna a ciki suna iya sake gurɓata shi, don haka ki saya ki soya ko ki jefa a miya ya tafasa a ranar, ki ci da zafinsa. Awara ma haka zaki mata duk da ta waken suya ce. Na manyan kantuna kuma ki duba jikin ledar ko an rubuta an dafa madarar, sannan mai farar fata a bayansa da mai ɗigon shuɗi a ciki ki bar su gaba ɗaya sai dai in an gasa har ya narke yana tururi. Mai tauri busasshe haɗarinsa kaɗan ne. Nono da kindirmo ma in ba'a tafasa madarar ba kafin a kwantar, ki haƙura har ki sauka lafiya, na san da wuya ga mai kwaɗayin fura. Cukun ƙanwata kwanansa 3 a ruwa guda, da kaina na zubar.

In kuma kin riga kin ci, kar ki tada hankali, ki sa ido. Alamun kan iya ɗaukar kwanaki har zuwa wata 2 kafin su fito, zazzaɓi, ciwon jiki, ciwon kai, wani lokacin gudawa, sak maleriya, shi yasa ake saurin sayen maganin maleriya a kemis a kwanta. Ki je inda kike awo a ranar, ki faɗa musu abinda kika ci da lokacin, don gwajin jini ake yi a gano ta kuma akwai maganinta. In motsin ɗan ya ragu ko mara ta fara ciwo, ko tsakar dare ne a kai ki asibiti.