Darasi na Bakwai: Jar Fitilar Birki Ta Ƙi Mutuwa Bayan An Sauke Birkin Hannu

A allon gaban direba akwai wata jar fitila mai alamar motsin rai a cikin da'ira, kamar haka: (!). A wasu motocin kalmar BRAKE ce take fitowa. Kowane direba ya saba ganinta idan ya ja birkin hannu, da ya sauke kuma sai ta mutu. Darasinmu na yau a kan ranar da aka sauke birkin hannun ne amma ta ƙi mutuwa, ko kuma ta kama ana cikin tafiya.

Fara da abu mai sauƙi. Ja birkin hannun sama, ka sake sauke shi har ƙasa, sau biyu ko uku. Akwai ɗan makunni a gindinsa, wani lokaci ƙura ce take sa ya maƙale. Idan fitilar ta mutu kuma ba ta dawo ba, shi ke nan. Idan tana nan, to mafi yawan lokaci man birki ne ya yi ƙasa.

Duba man birki

Tsayar da mota a wuri mai shimfiɗe, ka kashe inji, ka buɗe bonet. Kofin man birki yana can baya kusa da gilashin gaba, ta ɓangaren direba. Farar roba ce da ake hango mai ta jikinta, da layi biyu: MAX a sama, MIN a ƙasa. A cikinsa akwai wani ɗan abu da ke yawo a saman mai. Idan mai ya sauka, shi ma sai ya sauka ya kunna fitilar. Shi ya sa a farkon matsalar za ka ga fitilar tana kamawa tana mutuwa a kan kwana, ko gangara, ko in ka taka birki da ƙarfi: man ne yake karkata gefe guda.

A nan mutane da yawa suke kuskure. Da sun ga mai ya yi ƙasa sai su sayi kwalba a bakin titi su cika, fitila ta mutu, hankali ya kwanta. Alhali man birki ba ya ƙonewa kamar baƙin mai, a rufe yake cikin bututunsa. In ya ragu, wani wuri ya tafi, kuma wuraren biyu ne: ko birki-fad ya cinye, ko akwai yoyo.

Yadda cinyewar birki-fad ke shanye mai

Idan ka taka birki, mai ne yake tura fistan ɗin da ke cikin kalifa, shi kuma ya matse birki-fad a jikin faifan da ke juyawa tare da taya. Sabon birki-fad kaurin abin da ke gogar faifan ya kai milimita 10 zuwa 12. Kullum yana cinyewa kaɗan-kaɗan, fistan kuma yana ƙara fitowa waje don ya cim masa. Gurbin da fistan ya bari a bayansa, mai ne yake cika shi daga kofi. Ka ga man bai zube ba, yana nan cikin motar, wuri kawai ya sauya. Irin wannan raguwa a hankali take zuwa, cikin watanni.

Ɗauki misalin Toyota Corolla mai jigila tsakanin Kano da Zariya. Fitila ta fara ƙyaftawa a kan shataletale, bayan mako guda ta tsaya cak. An buɗe bonet, mai yana daidai layin MIN. An leƙa ƙarƙashin mota da cikin tayoyi huɗu, ko'ina a bushe. An taka birki, da tauri kamar kullum. Da aka cire tayar gaba, sai ga birki-fad saura milimita 2, kuma dama direban ya kwana biyu yana jin ƙara kamar ana kankare tukunya. Wannan ƙarar wani ɗan ƙarfe ne da ake sa wa yawancin birki-fad da gangan, don ya taɓa faifai in lokacin canji ya yi. Ƙa'ida ita ce a canja in ya kai milimita 3, kuma a canja na dama da na hagu tare.

Da bakanike ya mayar da fistan ciki don sabon birki-fad ya shiga, sai man ya koma kofi ya hau sama da kansa, fitila ta mutu. Da an riga an cika kofin, a lokacin nan zai yi ambaliya, man birki kuwa yana cin fenti. Bayan an gama aiki, a taka birki sau da yawa har ya yi tauri kafin a motsa motar, domin takun farko yakan tafi har ƙasa ba tare da ya kama ba.

In yoyo ne

Yoyo shi ne mai haɗari. Alamarsa ita ce mai ya ragu cikin kwana ɗaya ko biyu, ko an cika ya sake sauka. Duba cikin kowace taya ko akwai danshi, duba tiyon roba da ke shiga kalifa ko ya tsattsage, ka bi bututun ƙarfe na ƙarƙashin mota ko tsatsa ta huda shi. Man birki yana da santsi a yatsa, sabonsa ruwan ɗorawa ne mai haske, tsoho kuma ya yi duhu.

Sai gwajin ƙafa. Tayar da inji mota na tsaye, ka taka birki ka riƙe da ƙarfi tsawon daƙiƙa 30. Lafiyayyen birki zai tsaya wuri guda. In ya riƙa nutsewa a hankali, ko dai mai na fita ta wani wuri, ko robobin cikin masta, wato famfon da ke tura mai idan ka taka birki, sun mutu. In kuma ka ji laushi kamar ka taka soso, iska ta shiga, sai an gyara yoyon sannan a cire ta.

To, a tuƙa ko kada a tuƙa?

In mai yana wajen MIN, babu danshi ko'ina, birki kuma da tauri, za ka iya lallaɓawa zuwa garejin da ya fi kusa, a hankali, ba lodi, da tazara mai yawa tsakaninka da na gaba. Wannan ba izinin hawa babbar hanya ba ne. Amma in kofi ya kusa ƙafewa, ko ka ga mai na ɗiga, ko birki na nutsewa, ajiye motar inda take. A kira bakanike ya zo, ko a nemo janwe. Haka ma in jar fitilar ta kama tare da fitila ruwan ɗorawa mai rubutun ABS, domin tayoyin baya na iya kullewa in ka taka da ƙarfi. A wasu motocin kuma, fitilar birki da ta batir kan kama lokaci guda alhali mai a cike yake. A nan altaneta za a fara dubawa.

In dole sai an ƙara mai don a isa gareji, goge murfin kofin kafin ka buɗe, kada ƙasa ta faɗa. Karanta abin da aka rubuta a kansa, yawanci DOT 3 ko DOT 4. Waɗannan biyun suna haɗuwa, amma motar da aka rubuta wa DOT 4 kada a zuba mata DOT 3, don ya fi saurin tafasa. DOT 5 jinsinsa daban, ba a haɗa shi da su. Baƙin mai ko man giya kuwa ko ɗigo kada ya shiga, kumbura robobin birki yake yi gaba ɗaya. Yi amfani da kwalbar da ba a taɓa buɗewa ba, domin man birki yana zuƙar danshi daga iska, kuma kada ka wuce layin MAX.

Aikin yi

Kowane ɗalibi ya sami mota, ya nemo kofin man birki, ya rubuta a littafinsa lambar DOT da ke kan murfi da kuma inda man ya tsaya tsakanin MIN da MAX. A zo da shi darasi na gaba.