Mudu Ɗaya Ga Kowane Littafi: Kurakuran Da Aka Fi Yi Wajen Rubuta Manazarta Mai Tsokaci

Wata ɗaliba ta taɓa kawo mini aikinta a kan Nana Asma'u. An ba ta jerin littattafai da maƙalu guda 18, aka ce ta rubuta bayanin ɗab'in kowanne, a ƙarƙashinsa kuma ta yi ɗan tsokaci. Tsokacinta na farko ya cika shafi guda har ya tsallaka. Na biyar rabin shafi ne. Kafin a kai na 15 abin ya koma layi biyu: littafin yana magana a kan ilimin mata, kuma yana da matuƙar amfani. Ta karanta littattafan, ban yi shakka ba, don gefen shafukan kwafinta cike yake da rubutun fensir. Abin da ya faru shi ne ta fara awo ba ta tanadi mudu ba.

Wannan shi ne babban kuskure, sauran duk 'ya'yansa ne. Mutum ya ɗauki littafin farko da zafinsa, ya zuba duk abin da ya sani, gajiya ta riske shi a tsakiyar hanya, sai tsawon tsokaci ya riƙa bin ƙarfin jikinsa maimakon darajar littafin. Mai dubawa kuwa zai ɗauka wanda aka yi wa shafi guda ya fi wanda aka yi wa layi biyu muhimmanci, alhali ƙila na layi biyun ne ƙashin bayan binciken.

Gyaran yana farawa tun kafin a rubuta kalma ɗaya. A zauna a yanke shawarar tambayoyin da za a yi wa kowane littafi, da yadda za su biyo juna, da rabon kalmomin kowace amsa. Idan malami ya faɗi adadi, shi za a bi. Idan bai faɗa ba, ni abin da nake ba ɗalibaina shi ne kalma 120, da sassaucin goma sama ko ƙasa, a kasa ta gida huɗu. Gida na farko, wajen kalma 35: wane irin aiki ne, kuma me marubucin yake son tabbatarwa. Na biyu, shi ma wajen 35: da me ya dogara, rubutattun takardu ne, hira ce, ko ƙididdiga. Na uku, wajen 30: ina ya yi ƙarfi, ina ya tsaya. Na huɗu, wajen 20: a ina zai shiga cikin nawa binciken. A kula, Hausa tana da ƙananan kalmomi da yawa irin su da, na, ta, ne, don haka abin da aka faɗa da Turanci cikin kalma 100 yakan ci fiye da haka da Hausa. In an ba ka adadin ne da tunanin Turanci, kai kuma da Hausa za ka rubuta, ka tambayi malaminka tun da wuri.

Ga yadda muka sake gina ɗaya daga cikin nata, bisa tsarin rubuta manazarta na APA:

Boyd, J. (1989). The caliph's sister: Nana Asma'u 1793–1865, teacher, poet and Islamic leader. Frank Cass.

"Boyd ta ba da tarihin rayuwar Nana Asma'u, 'yar Shehu Usman ɗan Fodiyo, tana nuna cewa koyar da mata da rubuta waƙoƙi da ta yi suna cikin ginshiƙan da Daular Sakkwato ta tsaya a kansu. Ta dogara da rubuce-rubucen Asma'u na Larabci da Fulatanci da Hausa, musamman waɗanda ke hannun gidan Wazirin Sakkwato, da kuma hirarraki da ta yi da mutanen yankin a shekarun da ta zauna can. Ƙarfin littafin shi ne bayanin tsarin 'Yan Taru da aikin jaji. Sai dai tarihin rayuwa ne, bai shiga nazarin salon waƙoƙin baiti-baiti ba, kuma ba a nan za a sami cikakken mataninsu ba. Zan yi amfani da shi a babi na biyu don tsara lokutan rayuwarta kafin in shiga waƙoƙin kansu."

Jimla biyar, kalma 119, kowace jimla da gidanta. Da muka gama sai na ce mata: "'Yata, wannan ki buga shi ki manna a gabanki. Duk na gaba da za ki rubuta, da shi za ki auna."

To amma samun mudu bai hana wani kuskuren ba, wato yadda ake cika shi. Wanda tsokacinsa ya kai kalma 200 yakan sa almakashi daga ƙasa, ya yi ta datsewa har lissafi ya daidaita. Me ke ƙasan? Gida na uku da na huɗu, wato hukuncinsa da amfanin littafin gare shi, waɗanda su ne kaɗai nasa na kansa. Sai a bar taƙaitawa zalla, wadda kowa zai iya samu a bayan bangon littafin. Kusan kullum kitsen yana gida na farko ne, inda ake bin littafi babi-babi: a babi na ɗaya marubuciyar ta kawo kaza, a na biyu ta yi bayanin kaza. Wannan maimaita ƙumshiya ne kawai. A goge shi, a tambayi kai: in aka tare marubucin a bakin ƙofa aka ce ya faɗi hujjarsa cikin numfashi ɗaya, me zai ce? Amsar ita ce jimlar farko.

Wanda nasa ya gaza kuma, ya tsaya a kalma 60, yakan yi ciko da yabo. Littafi ne mai matuƙar muhimmanci, marubucin ya yi namijin ƙoƙari, duk mai nazari yana bukatarsa. Wannan yana ɓata mini rai fiye da gajartar, domin ya cinye gurbin magana ta gaskiya. Gwajinsa mai sauƙi ne: ɗauki jimlar ka ajiye ta ƙarƙashin wani littafin dabam. In ta zauna daram ba ta ƙi ba, to ba ta faɗi komai a kan littafinka ba. Tsokaci mai gajarta yawanci alama ce ta cewa gida na biyu babu kowa a ciki, mai rubutun bai lura da inda marubucin ya samo hujjojinsa ba. Maganin shi ne komawa ga gabatarwar littafin da shafin godiya da manazartarsa. A nan marubuta ke faɗin ɗakunan ajiyar da suka shiga da mutanen da suka yi hira da su.

Akwai ƙorafin da nake yawan ji, kuma yana da ƙamshin gaskiya: ta yaya za a yi wa maƙala mai shafi 12 da kundi mai ɗaruruwan shafuka awo ɗaya? A jerin ɗalibar nan akwai tarin ayyukan Nana Asma'u da Jean Boyd da Beverly Mack suka fitar a 1997, wanda ya haura shafi 700. Amsata ita ce tsokaci ba ƙaramin hoton littafi ba ne, amsar tambayoyi huɗu ce, kuma tambayoyin ba sa kumbura don littafi ya yi kauri. Abin da ke sauyawa shi ne nisan da kake tsayawa. A kundin, gida na farko zai ce tarin matani ne tare da fassararsu zuwa Turanci da bayanai, gida na huɗu kuma ya ambaci waƙoƙin da za ka ɗauka kaɗai. A maƙalar kuwa kana da sararin shiga cikin hujjar sosai. Haka nan idan aikin ba ya kare wata hujja, kamar ƙamus ko tarin matani, kada a bar gidan fanko, kada kuma a ƙaga masa hujjar da ba shi da ita. A faɗi abin da ya tattara da ƙa'idar da ya bi wajen zaɓe.

Sai kwafe taƙaitawar da ke saman maƙala, ko a juya ta zuwa Hausa a ce tsokaci ne. Ana gane shi nan take, domin murya takan sauya: tsokaci uku suna cewa "marubucin ya nuna", na huɗu ya ce "wannan takarda za ta duba". Ban da kasancewarsa satar fasaha, taƙaitawar marubuci ba za ta taɓa faɗa maka inda aikinsa ya gaza ba. A zaɓi lokaci ɗaya da murya ɗaya tun farko, a riƙe su har ƙarshe.

Layin bayanin ɗab'i shi ma yana da nasa tarkon. Jerin da malami ya bayar sau da yawa haɗe-haɗe ne, an tsinto shi daga wurare dabam-dabam, wani da garin da aka buga littafin, wani babu. Bugu na 7 na APA ya daina sa garin, don haka wanda ya kwafi jerin yadda yake zai gauraya tsari biyu. A ɗauko kowane bayani daga shafin farko na littafin kansa. Kuma kada a taɓa jerin sunayen marubuta. Kundin 1997 Boyd ce a gaba, amma littafin da su biyun suka fitar a 2000, One Woman's Jihad, Mack ce a gaba, don haka ɗaya yana ƙarƙashin B, ɗayan yana ƙarƙashin M. Ɗalibata ta mayar da su duka Boyd don su zauna wuri ɗaya. Ta kuma "gyara" shekarar rasuwar Asma'u da ke cikin taken littafin 1989 zuwa 1864, saboda haka ta gani a wasu wuraren. Take ba a gyara shi, yadda aka buga haka ake kwafewa. In saɓanin ya dame ka, gida na uku ne wurin ambatonsa. Sunaye masu ƙugiya irin su Ɗangambo kuma a duba su da ido bayan an jera, don wasu manhajojin sukan jefa Ɗ da Ƙ can ƙasa bayan Z. A Word, Ctrl+T ne ke tura layi na biyu na bayanin ɗab'i ciki, kuma in ka zaɓi tsokaci ɗaya, adadin kalmominsa zai fito a ƙasan allo.

Dubawar ƙarshe ita ce wadda aka fi tsallakewa. Kafin a miƙa aiki, a zana jadawali mai layi ɗaya ga kowane littafi da ginshiƙi huɗu, a zuba kowace jimla a gidanta, sannan a karanta daga sama zuwa ƙasa maimakon daga hagu zuwa dama. Da ɗalibata ta yi haka, sai ga ramuka bakwai a ginshiƙi na biyu, ga kuma littattafai biyar da ginshiƙinsu na huɗu ke faɗin abu ɗaya, wai za su taimaka a babi na biyu. Ta koma ta bambance abin da kowanne zai yi a babin. Guda biyu ta rasa abin da za ta ce a kansu, sai ta je ta tambayi malamin da ya ba da jerin ko za ta iya maye gurbinsu da wasu.